Saƙon Bayan Taro: Yadda Za Ka Ɗora Shi Kan Magana Ɗaya da Kuka Yi

Wanda ya gabatar da muƙala a babban taro, kafin a watse ya gaisa da mutane masu yawa, ya raba katinsa, an karɓi lambar wayarsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai saƙonni su fara shigo masa, kusan duk iri ɗaya: "Assalamu alaikum Farfesa, na ji daɗin haɗuwa da ku a wurin taro, Allah ya bar zumunci." Saƙon ladabi ne, ba wanda zai ƙi shi. Sai dai babu abin da mutumin zai kama a cikinsa. Bai san ko wane ne kai ba cikin waɗanda ya gaisa da su, bai san abin da kake so ba, saboda haka zai rubuta "Amin, na gode," maganar ta mutu a nan.

Saƙon da ake amsawa shi ne wanda ya koma kan magana guda da kuka yi, ya tuna masa ita daidai yadda aka yi ta, sannan ya matsar da ita gaba ko da taku ɗaya ne. Mutum yakan manta fuska da suna, amma da wuya ya manta tambayar da shi da kansa ya yi, ko shawarar da ya bayar. Kan wannan za ka gina komai.

Don kada bayanin ya tsaya a iska, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce wata matashiya ce da ke aiki da ƙungiyar mata manoma a Jigawa, ta je taron masana harkar noma a Kano. Wani Farfesa ya yi magana kan ajiyar wake bayan girbi. A hutun shan shayi ta same shi, ta gaya masa cewa bara matan ƙungiyarsu sun ajiye wake a buhun PICS, wato buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da an zuba magani ba. Da aka buɗe, sai aka tarar wasu buhunan ƙwari sun ci. Farfesan ya tambaye ta ko an ɗaure ledojin nan biyu daban-daban ko an haɗa su ƙulli ɗaya, kuma ko buhunan sababbi ne ko an taɓa amfani da su. Ta ce sai ta tambaya. Ya ce idan ta koma ta duba ta sanar da shi, ya miƙa mata katinsa, wani ya ja shi gefe. Duka hirar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Wannan ita ce jarinta.

Aikin yana farawa tun ba a watse ba

Da kun rabu, kafin ka shiga wata hirar, ka rubuta abin da aka yi. A bayan katin nasa ne, a wayarka ne, ko ka turawa kanka saƙo, duk ɗaya. Abin da za ka rubuta shi ne inda kuka tsaya da lokacin, abin da ka faɗa, abin da ya faɗa da kalmominsa gwargwadon yadda ka iya riƙewa, da duk wani alkawari da ɗayanku ya yi. Idan ka bari sai dare, hirarraki uku ko huɗu za su cakuɗe a kanka, ka wayi gari kana ɗora wa wannan maganar wancan.

Ga abin da matashiyar tamu za ta rubuta: "Hutun shayi na farko, ranar biyu, bakin ƙofar zaure. Na ce masa buhunanmu wasu sun lalace. Ya tambaya: leda biyun ɗauri ɗaya ko daban-daban? Sababbi ko tsofaffi? Ya ce in duba in sanar da shi. Ni ke da alkawari." Jimla ta ƙarshe ita ce mafi muhimmanci, domin ita za ta nuna irin saƙon da za a rubuta. Idan kai ka yi alkawari, saƙonka na cika alkawari ne. Idan shi ya ce zai turo maka wani abu, saƙonka na tuni ne cikin ladabi. Idan ba wanda ya yi alkawari, to dole ka nemo abin da za ka kai masa, za mu zo kan wannan.

Ka kuma ɗauki hoton katin nan take. Kati yana ɓacewa cikin jakar taro tare da takardun da ba za ka sake buɗewa ba. Sannan ka duba takardar jadawalin taron ka ga yadda aka rubuta sunansa da muƙaminsa. Kiran Farfesa da Dakta, ko rubuta sunan mutum da kuskuren harafi, ƙaramin abu ne a wurinka, a wurinsa kuwa shi ne abin da idonsa zai fara gani.

Magana ɗaya, ba uku ba

Wataƙila kun taɓo abubuwa da dama: garinku, wani malami da kuka sani tare, tsadar taki, sannan batun buhu. Za ka ji kamar ka jero su duka don ya ga ka saurara. Kada ka yi. Ka zaɓi guda, kuma ma'aunin zaɓen shi ne wadda ba a ƙarasa ba. Maganar garinku an gama ta a wurin, ba abin ɗorawa. Tambayar ɗaurin leda kuwa a buɗe take, tana jiran amsa, kuma shi ya yi ta da bakinsa.

Akwai bambanci tsakanin abin da ya faɗa a kan mumbari da abin da ya faɗa maka. Idan ka rubuta "jawabinku ya yi ma'ana sosai," duk wanda ya zauna a zauren zai iya rubuta haka, har wanda ya shigo ana tafi. Abin da ya gaya maka kai kaɗai a gefe shi ne shaidar cewa kun yi magana. Idan kuwa gaisuwa kawai kuka yi, ba hira, kada ka ƙirƙiro hirar da ba a yi ba. Ka faɗi gaskiya cewa kun gaisa bayan jawabinsa, sannan ka ɗauko wani takamaiman abu daga jawabin ka yi tambaya a kai. Mutum yana iya manta fuskarka, amma zai gane idan an sa masa magana a baki.

Ta wace hanya, kuma yaushe

Ka bi hanyar da shi ya ba ka. Idan kati ya miƙa maka mai adireshin imel, to imel za ka tura, ko da akwai lambar waya a jiki. Idan ya karɓi wayarka ya sa lambarsa, ko ya ce "ka taɓo ni ta WhatsApp," to nan za ka bi. Abin da ba ya dacewa shi ne ka ciro lambarsa daga zauren WhatsApp da masu shirya taro suka buɗe, ka shiga masa ta bayan gida ba tare da ya ba ka ba. Wannan ya fi nauyi idan namiji ne ke tura wa mace: ko da aiki ne tsantsa a zuciyarka, lambar da ba ta ba ka ba za ta sa ta yi ɗari-ɗari tun kafin ta karanta. Ka nemi imel ɗinta na aiki.

Maganar lokaci kuwa, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, amma ba a ranar da aka rufe taro ba, lokacin yana hanya ko yana fama da gajiya. Kwana ɗaya zuwa uku bayan watsewa shi ne daidai, da safe a ranar aiki. Ka guji tsakar ranar Juma'a da kuma dare. Idan da daddare ka samu sukunin rubutawa, Gmail yana da `Schedule send` a kibiyar da ke jikin maɓallin turawa, ka saita shi ya tafi da safe. Idan mutumin daga wata ƙasa ya zo, ka duba agogonsa: Nijar da Najeriya lokacinsu ɗaya, Ghana tana bayanmu da awa ɗaya, Kenya tana gabanmu da awa biyu.

A nan matashiyar tamu tana da matsala. Amsar tambayar Farfesa tana ƙauye, sai ta koma ta tambayi matan. Ta jira har ta samu, ko ta rubuta yanzu? Idan za ta iya samun amsar cikin kwana uku, ko da ta waya ce, gara ta jira ta zo da ita a hannu. Idan kuwa sai bayan mako biyu za ta je, to ta tura ɗan gajeren saƙo yanzu ta ce ta riƙe tambayar, za ta je ƙauyen ranar kaza, za ta dawo masa da abin da ta gani. Sai dai duk ranar da ta ambata ta zama bashi a kanta.

Gina saƙon

A imel, abin da zai fara gani shi ne kan saƙon, wato gurbin `Subject`. Kada ka bar shi fanko, kada kuma ka rubuta "Gaisuwa" ko "Neman taimako." Ka sa maganar da kuka yi da kuma wurin: "Batun ɗaurin ledar buhun wake, daga taron Kano." Kafin ya buɗe ya riga ya tuna. Bayan wata biyu ma idan yana neman saƙon, kalmar "buhu" kawai zai rubuta ya same shi.

Sai gaisuwa. Mu ba ma shiga wa babba da magana ba sallama, kuma bai kamata imel ya sa mu bar wannan ba. Amma layi ɗaya ko biyu ya isa: sallama, muƙaminsa, da fatan ya koma gida lafiya. Ka yi amfani da "ku" idan ya girme ka ko ya fi ka matsayi. Harshen saƙon kuma ya bi harshen hirar. Idan da Hausa kuka yi magana a gefe, ko da taron da Turanci aka yi shi, ka rubuta da Hausa, domin komawa Turanci zai mayar da ku baya, kamar ba ku taɓa sakin jiki da juna ba. Idan da Turanci kuka yi, ka tsaya a kansa.

Abin da zan roƙe ka ka bari shi ne tambayar "Kun gane ni kuwa?" Ka sa mutumin a tsaka mai wuya ke nan, ko dai ya ce ya gane alhali bai gane ba, ko ya ji kunyar cewa a'a. Kai za ka ɗauke masa wannan nauyin. Ka faɗi ko wane ne kai ta hanyar hirar: ni ce wadda ta same ku a wuri kaza, na ce kaza, kuka ce kaza. Sunanka da wurin aikinka su zo, amma abin da zai sa ya ce "af, na tuna" shi ne maganar.

Wajen maimaita abin da ya faɗa, ka yi taka-tsantsan. Ka kawo shi a matsayin abin da ka fahimta, da kalmomi irin "idan na fahimce ku daidai." Farfesan nan tambaya ya yi, bai yanke hukunci ba. Idan matashiyar ta rubuta "kamar yadda kuka ce ɗauri ne ya lalata mana wake," ta mayar da tambayarsa hukunci, kuma masanin da ke kula da maganarsa zai fara ne da gyara mata, ko ya yi shiru don kada a riƙa yawo da sunansa kan abin da bai faɗa ba.

Daga nan sai zuciyar saƙon, abin da ka zo da shi. Nan ne mafi yawan saƙonni ke faɗuwa, domin daga tuni sai su tsallaka kai tsaye zuwa roƙo. Dole a samu wani sabon abu da babu shi lokacin da kuka rabu: amsar tambayarsa, takardar da ka ce za ka turo, hoton abin da kuka yi magana a kai, ko sakamakon gwada shawararsa. Idan ba alkawari a tsakaninku, ka je ka karanta abin da ya ambata, ko ka gwada abin da ya ce, ka dawo da abin da ka gani. Wannan shi ke nuna masa cewa lokacin da ya ba ka a bakin zaure bai tafi a banza ba.

Sannan buƙata, guda ɗaya tak, ƙarama, wadda zai iya amsawa da layi biyu yana tsaye. "Ina so ku zama jagorana" ba buƙatar saƙon farko ba ce, haka "ku taimaka mana da tallafi." Wanda ya karanta irin wannan ba zai iya cewa e ba, yana kuma jin nauyin cewa a'a, sai ya ajiye saƙon da niyyar dawowa, ba zai dawo ba. Tambayar da ake amsawa da "e, haka ne" ko "a'a, ki duba kaza" ita ce ke samun amsa a ranar.

Ga yadda saƙon matashiyar zai kasance, a ce ta kira shugabar ƙungiyar ta samo bayanin:

"Assalamu alaikum Farfesa. Da fatan kun koma gida lafiya, ya gajiyar taro?

Ni ce Wance, daga ƙungiyar mata manoma ta Jigawa, wadda ta same ku a bakin zaure lokacin hutun shayi a rana ta biyu, na gaya muku wasu buhunan PICS da muka ajiye wake bara ƙwari sun ci. Kun tambaye ni ko an ɗaure ledojin biyu daban-daban, da kuma ko buhunan sababbi ne.

Na tambayi matan. Cikin buhu 40 da aka ajiye, 6 ne suka lalace. Huɗu daga cikinsu tsofaffi ne, an yi amfani da su shekarar da ta gabace ta, ba a kuma duba ko sun huje ba kafin a zuba. Sauran biyun sababbi ne, amma mai su ta ce ta haɗa ledojin ta ɗaure wuri ɗaya. Na haɗo hoton ledar ɗaya daga cikin tsofaffin, an ɗaga ta a rana, ana ganin ƙananan huji kusa da gindinta.

Tambayata ɗaya ce: kafin girbin bana, idan ledar ciki ɗaya ce ta huje ɗayar kuma lafiya lau, za mu iya sake ajiye wake a buhun, ko mu ware shi gaba ɗaya?

Na gode da lokacin da kuka ba ni. Allah ya ƙara lafiya."

A ƙasa sai cikakken sunanta, sunan ƙungiyar da lambar wayarta.

Ka lura da abin da saƙon ya yi wa Farfesan. Tambayoyinsa biyu duk sun sami amsa, kuma amsar ta nuna ya taɓo inda matsalar take ba tare da an tsaya yabonsa ba. An ba shi lambobi da hoto, abin da mai bincike ke so ya gani daga gona. Tambayar da aka yi masa tana cikin faninsa, tana kuma da lokacinta, domin girbi na tafe. Babu tarihin ƙungiyar, babu takardar neman tallafi, babu jerin matsalolin manoma. Duk waɗannan suna da ranarsu. Tsawon saƙon kuma bai wuce abin da za a karanta a waya ba tare da gajiya ba, haka ya kamata naka ya kasance.

Kafin ka tura, ka buɗe abin da ka haɗa ka tabbatar shi ne, kuma ka ba shi suna mai ma'ana maimakon jerin lambobin da waya ke sa wa hoto. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a matsayin haɗi, idan ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda sau da yawa mai karɓa zai danna ya tarar ana neman izini. Hoto ɗaya ko biyu sun isa. Ka kuma shiga saitin Gmail ka ƙara lokacin `Undo Send`, wato damar janye saƙo da zarar an tura shi, zuwa daƙiƙa 30, domin galibi bayan an danna turawa ne ido ke ganin an manta hoton.

Idan ta WhatsApp ne

Tsarin bai canja ba, sai dai a taƙaita. Babban kuskure a nan shi ne a rubuta "Salam" kawai a zauna jiran amsa, a ce sai ya amsa sallama za a faɗi abin da ya kawo mutum. A fuska da fuska haka ladabi yake, amma a waya, lambar da bai sani ba da sallama kaɗai ba abin da take gaya masa, kuma da yawa daga masu damfara haka suke farawa. Ka haɗa sallama, ko wane ne kai, hirar da tambayar a saƙo guda. Kada ka yayyanka shi gida bakwai wayarsa ta yi ta ƙara.

Saƙon murya ma ka bar shi sai kun saba. Ba zai iya sauraronsa a ofis ko cikin mutane ba, ba zai iya nemo shi daga baya ba, kuma idan akwai lambobi a ciki sai ya sake kunnawa. Idan hoton yana da ƙananan abubuwa da kake so ya gani, irin hujin ledar nan, ka tura shi ta `Document`, domin idan ka tura shi a matsayin hoto WhatsApp yana rage masa kyau. Kira kuwa, kada ka yi sai ya ce ka kira.

Maganar da ba a rubutawa

Ba duk abin da aka gaya maka a gefe ne ya dace ya shiga rubutu ba. A hutun shayi mutane sukan saki baki. Wani zai yi ƙorafi kan shugabannin wurin aikinsa, wani ya ambaci sakamakon binciken da bai wallafa ba, wani ya faɗi ra'ayinsa kan wani jami'i. Idan ka rubuto masa wannan a imel ɗin ofis don ka nuna kun yi hira ta sirri, ka jefa shi cikin damuwa, domin rubutu yana zama, ana kuma iya tura shi gaba, kuma wasu manyan ma sakatare ne ke buɗe musu imel. Ka zaɓi ɓangaren hirar da ba zai damu ba ko wa ya gani. Wasu tarukan ma ana yin su ne bisa ƙa'idar Chatham House, wadda ta yarda a yi amfani da bayanin da aka ji amma ba a faɗi wanda ya faɗe shi ko wurin aikinsa ba. Idan an sanar da haka a farkon zama, kada ka sa wani a `Cc`, wato gurbin tura wa wani kwafin saƙo, kana ambaton abin da wane ya ce.

Haka nan alkawarin baki. Idan ya ce "za mu duba," ko "in sha Allahu za a yi wani abu," kada ka rubuta "kamar yadda kuka yi alkawari." Mun san sau da yawa wannan hanyar sallamar mutum ce cikin mutunci. Ka ce "kun ambaci yiwuwar kaza, idan har yanzu akwai hali." Ka bar masa ƙofar fita, zai fi sakin jiki ya amsa.

Idan aka yi shiru

Shiru na mako ɗaya ba ya nufin komai. Wanda ya bar ofis kwana uku yana dawowa ya tarar da aiki ya taru. Ka ba shi kwana bakwai zuwa goma, sannan ka sake rubutawa a ƙarƙashin saƙon farko ta hanyar danna `Reply`, don ya ga komai wuri ɗaya. Kada ka ce "na turo saƙo ba ku amsa ba," kada kuma ka tura alamar tambaya ita kaɗai. Ka zo da ɗan ƙarin abu. Matashiyar tamu za ta iya cewa: "Farfesa, ƙari kan saƙona na baya, mun gwada sauran tsofaffin buhunan, mun cika ledojin da iska mun matse, mun sami wasu guda uku suna sacewa. Mun ware su. Tambayar ledar ɗaya da ta huje ce ta rage mana kafin girbi."

Idan wannan ma bai sami amsa ba, ka tsaya. Kada ka koma WhatsApp, daga nan ka kira, daga nan ka aika wani ya yi masa magana. Tambayarka ka kai ta wurin wani masanin, malamin gona na yankinku ko dillalin da ya sayar da buhun. Shi kuma idan kun sake haɗuwa a wani taron ka gaishe shi da fara'a, ka tuna masa hirar, ba tare da ka ambaci shirun ba.

Yadda za ka gane inda matsalar take shi ne ka dubi irin amsar da kake samu. Idan "Amin, na gode" kake samu, to babu tambaya a saƙonka, ko ta ɓace cikin gaisuwa. Idan ya ce "tuna mini a ina muka haɗu," tunin naka bai kama ba, ka faɗi sunan taro ka bar hirar. Idan ya fara da "ba haka na ce ba," ka ƙara wa maganarsa gishiri. Idan kuwa ya ce "za mu yi magana" ya ɓace, abin da ka nema ya yi girma.

Idan amsa ta zo, ka mayar a ranar, a taƙaice: godiya, da abin da za ka yi da shawarar. Kada ka ga ƙofa ta buɗe ka sauke masa tambayoyi biyar. A ce Farfesan ya rubuto cewa su ware duk buhun da ledarsa ta huje, su sa shi wani aikin, kuma su tabbatar waken ya bushe sosai kafin a zuba. Matashiyar za ta amsa ta ce sun ji, za su yi haka, kuma idan aka buɗe buhunan bana za ta sanar da shi yadda aka kwashe. Sai ta sa tuni a kalandar wayarta a watan da matan suka saba buɗe buhunan. Idan lokacin ya zo ta koma ƙarƙashin wannan saƙon dai, ta rubuta masa buhu nawa aka ajiye, nawa suka fito lafiya, da yadda aka ɗaure su a wannan karon.